Bikin ranar haihuwar ɗan shekara 5 a Agege: awa nawa, wane wasa, me za a ci, su wa za su taimaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana zai cika shekara 5 wata mai zuwa, ina son in tara masa abokansa na makaranta da na unguwa kamar su 12 a tsakar gidanmu a Agege, ranar Asabar. Ban taɓa tara yara haka ba. Awa nawa ya kamata a yi, wane irin wasa za a yi musu, me zan dafa, kuma mutum nawa nake bukata su kama mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Ki fara cire wa ranki cewa biki ne irin na suna ko na aure, wanda ake buɗe ƙofa da hantsi a rufe sai dare. Taron 'yan shekara 5 awa 2 ne cikarsa, kuma awa ɗaya da minti 45 ya fi kyau. Dalili kuwa, yaro a wannan shekarun yakan riƙe wasa ɗaya na minti 10 zuwa 15 ne, daga nan hankalinsa ya tafi wani wuri. Idan kika haɗa wasanni 4 da cin abinci da yanka kek, kin cika lokacin. Duk abin da ya wuce haka ba daɗi ake ƙarawa ba, gajiya ce, kuma gajiyar yaro ba da hamma take fitowa ba. Da ture-ture take fitowa, da ƙwace abin hannun wani, da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Lokacin da ya fi dacewa a Legas shi ne bayan la'asar, daga 4:30 zuwa 6:15. Rana ta yi sanyi, yaran da ke Islamiyyar safe sun dawo sun ci abinci sun huta, sannan an watse kafin magariba da fitowar sauro. In yawancin yaran Islamiyyarsu ta yamma ce, ki tambayi iyayen tun da wuri, ki mayar da shi 11:00 zuwa 12:45, amma sai da inuwa sosai. A saƙon gayyatar ki rubuta lokacin farawa da lokacin tashi duka biyu, ki kuma rubuta cewa za a yanka kek 5:40. Wannan ƙaramin layin yana aiki fiye da roƙon a zo da wuri. Kin san halinmu, kin kuma san gosulon Asabar da yamma: mai tasowa daga Idi-Araba ko Mile 12 ba shi da tabbacin lokacin da zai iso. Ba za a hana latti ba, amma kada ki jinkirta farawa saboda masu latti. Yaran da suka zo a kan lokaci idan aka bar su minti 40 ba abin yi, za su ƙirƙiro wasansu na guje-guje, kuma ba za ki ƙara samun kansu ba har a tashi.

Sai maganar adadi, wadda ita ce ke rusa yawancin shiri. Kin ce 12. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ko layin da kowa ya san kowa, 12 ba ya zama 12. Uwa za ta zo da ƙanin wanda aka gayyata a goye da yayarsa a hannu, yaran maƙwabta kuma da sun ji kiɗa za su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe, kuma ba wanda zai iya korar ɗan maƙwabcinsa. Don haka ki yi lissafin abinci da tsaraba a kan 18. Amma ki raba abu biyu: ciyarwa daban, wasa daban. Ciyar da yara 18 ba wuya. Gudanar da wasa da yara 25 masu shekaru daga 2 zuwa 11 shi ne ba ya yiwuwa, domin manyan za su cinye kowane wasa, ƙananan kuma a tattake su. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce tun da rana ki aika wa kowane ɗaki a gidan da kwanon shinkafa, ki gaya wa iyayen cewa waɗanda ke sa'ar yaron su zo 4:30, sauran kuma a turo su 5:40 a ci kek tare. An yi zumunci, wasan kuma bai lalace ba.

Kafin ranar, ki zaga tsakar gidan kina duba abin da ke daidai tsayin yaro. Duro da bokitan ruwa a rufe ko a juye su. In akwai rijiya, murfinta ya zama wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba. Kwata a rufe da katako, igiyar shanya a ɗage, murhu da tukunyar gas su yi nesa, wayar janareto kada ta ratsa inda za a yi gudu. Shi kansa janareton a waje yake zama inda iska ke kaɗawa, ba a baranda ko kusa da tagar ɗakin da yara suke ba, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari mai tayar da hankali ba. In watan Yuni ne ko Yuli, ki ɗauka ruwa zai sauko. Falo yana ɗaukar yara 12 in an fitar da teburin tsakiya an tura kujeru jikin bango an shimfiɗa tabarmi, kuma duk wasannin da ke ƙasa ana iya yin su a ciki.

Ga yadda lokacin zai tafi. Daga 4:30 zuwa 4:50 na isowa ne, kuma yana bukatar abin yi wanda yaro zai shiga a kowane lokaci ba tare da an sake bayani ba. Tabarma biyu, takardun zane masu hoton mota ko kifi ko kyanwa, da fensir mai launi kamar fakiti 4 a zube a faranti. A bakin ƙofa a manna wa kowane yaro 'yar takarda mai sunansa a ƙirji. Mai gudanar da wasa ba ta san su ba, kuma "kai mai jar riga" ba ya tsayar da yaro kamar yadda sunansa ke tsayar da shi. Yaron da ya maƙale a zanin uwarsa a ƙyale shi, kada a ja shi. Ki ajiye takarda da fensir kusa da shi kawai. Yawanci kafin minti 10 da kansa zai sauko.

Daga 4:50 zuwa 5:25 wasanni ne, kuma a nan akwai ƙa'ida ɗaya da ta fi duk sauran: kada a yi wasan da ake fitar da mutum. Ki dubi wasan zagaya kujeru da aka saba. Yara 12, kujeru 11, kiɗa ya tsaya, ɗaya ya fita. Wanda ya fara fita zai zauna minti 10 yana kallon wasu suna wasa, kuma ɗan shekara 5 bai kai matsayin da zai ɗauki faɗuwa a matsayin wasa ba. A wurinsa an kore shi ne. Kafin a kai zagaye na biyar kina da yara 4 a gefe, biyu suna kuka, biyu sun nufi ƙofa, mataimakanki duk sun koma lallashi. A ƙarshe an samu mutum ɗaya mai murna da 11 masu fushi, kuma sau da yawa mai bikin yana cikin 11 ɗin. Haka gasar rawa da masu gabatar da bukukuwa a Legas suka saba yi, a ce 'yan kallo su zaɓi gwani da tafi. Ta yara 'yan 9 da 10 ce, ba ta waɗannan ba.

Gyaran mai sauƙi ne. Maimakon kujeru, ki shimfiɗa kwalaye 6 da aka buɗe aka baje a ƙasa. Kiɗa na tashi suna zagayawa, kiɗa ya tsaya kowa ya hau kwali. Kowane zagaye ana ɗauke kwali ɗaya, amma ba a fitar da kowa, sai dai su matsu. A tsaya a kwali 2, kada a kai ɗaya, don kada su danne ƙarami. Dariyar tana cikin matsuwar. In daɓen tayil ne mai santsi, kwali zai zame, sai a zana da'irori da alli a goge ɗaya bayan ɗaya.

Kafin wannan, ki buɗe da wasan rawa a tsaya cak: kiɗa na yi suna rawa, an kashe kowa ya daskare, wanda ya motsa sai ya yi tsallen kwaɗo sau 3 ya dawo. Shi ne na farko domin ba ya bukatar bayani, kuma yana ƙone zumuɗin da suka zo da shi. Wannan na da amfani musamman in cikin 'yan ajinsu akwai yaran Yarabawa ko Ibo da ba sa jin Hausa. Mai wasan ta nuna da jikinta sau ɗaya maimakon ta tsaya jawabi. Duk wasan da bayaninsa ya wuce jimla biyu ya fi ƙarfinsu. Ƙaramar sifika da waya sun isa. Manyan sifikun haya suna sa wasu yaran toshe kunne su ɓuya, kuma muryar mai wasan ba za ta fita ba.

Na uku, neman taska. Ki yanka takarda mai kauri mai launi gida 60, a ɓoye su a wuraren da idon yaro zai kai: bayan tukunyar fulawa, ƙarƙashin tabarma, gindin kujera. Kowa zai nemo 5, da ya cika 5 sai ya kawo a ba shi sitika, sannan ya je ya taya wanda bai cika ba. Iyakar 5 ɗin ita ce sirrin. In ba a sa ta ba, yaro ɗaya mai wayo zai kwashe 20, wata ta tashi da ɗaya. Ki riƙe guda 10 a hannun mataimakiya ta riƙa sakewa kusa da wanda ya kasa samu. Kada a ɓoye komai kusa da kicin, banɗaki ko ƙofar waje, domin duk inda kika ɓoye abu kin ba da izinin shiga wurin ke nan.

Na huɗu na zama ne, don a sauko da su kafin abinci: ƙullin da ake miƙawa hannu zuwa hannu, kiɗa ya tsaya wanda ke riƙe da shi ya kwance takarda ɗaya. Wurin da ake kuskure shi ne yin ƙulli ɗaya ga yara 12. Na ƙarshe zai jira kusan minti 10 kafin rabonsa ya zo, ba zai jira ba. A yi da'ira biyu ta mutum 6, kowace da ƙullinta mai ninki 7, kowane ninki da sitika ko ƙaramin fensir a ciki. Mai kashe kiɗan tana kallo da gangan, tana tabbatar da ya tsaya a kan kowa sau ɗaya. A tsakiyar ƙullin a sa abin da za a raba wa duk da'irar, kamar fakitin biskit, ba kyauta ɗaya babba ba. A naɗe kowane ninki da takarda mai launi daban, in ba haka ba yaro zai yage uku a lokaci ɗaya.

Ki ajiye wasa ɗaya ko biyu a aljihu, domin wani lokaci wasan da kika ba minti 10 a minti 4 yake ƙarewa. Kumfar sabulu da ake hurawa su bi suna fasawa ba ta taɓa kasawa. "Jini jini ja" ma yana tafiya in yawancinsu Hausawa ne, muddin wanda ya yi kuskure dariya za a yi ba duka ba. Alamar cewa wasa ya mutu ita ce yara biyu ko uku sun fara juya baya. A yanke shi nan take, ko da ba a gama ba.

Gidan tsallen nan da ake hura wa iska, wanda ake haya, ba dole ba ne, kuma ga tsakar gida mai faɗin tabarma huɗu ma ba ya shiga. In har za ki ɗauko, ki san cewa injin hura shi dole ya yi ta aiki ba tsayawa. NEPA ta ɗauke wuta, cikin ɗan lokaci ya fara lotsawa da yara a ciki. Saboda haka a kan janareto ake ɗora shi tun farko, a ɗaure shi ƙasa da kyau, a sauke yara in iska ta taso, sannan babba ɗaya ya tsaya a bakinsa ba ya yin komai sai shigar da yara 4 ko 5 masu girma ɗaya a lokaci guda. Yawancin raunin da ake ji a cikinsa karo ne na kai da kai, ko babban yaro ya faɗo kan ƙarami. Ya cinye miki mataimaki guda ke nan. Mutumin da ke sa kayan dodon katun kuma, a cikin yara 12 da wuya a rasa biyu da za su tsorata da shi.

Balan-balan ki rataye su sama don ado. Wadda ta fashe a tsince gutsattsarinta nan da nan, kada kuma a ba yaro wadda ba a hura ba ya hura da kansa, domin robar in ta shige maƙogwaro tana manne wa hanyar numfashi, fitar da ita na da wuya.

Ƙarfe 5:25 a wanke hannu a zauna cin abinci. Buta biyu, sabulu da roba, a yi layi biyu. A tabarma za su ci, ba a tsaye ba, ba a kan kujerun manya ba. Abincin kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne yawa. Cikin ɗan shekara 5 a wurin biki ludayi ɗaya na shinkafa ne, wani ma rabi zai ci ya tashi. Ki lissafa ɗanyar shinkafa kimanin giram 50 ga yaro, giram 100 ga babba. Yara 18 giram 900 ke nan, manya 8 giram 800. Da ma'aunin kasuwannin Legas, derika 2 da ɗan ɗori ya ishi taron, in kin haɗa da kwanukan maƙwabta ki kai 4. Jalof ɗin yara a rage attaruhu ƙwarai, tattasai da tumatir su ba da launin. Yajin manya a kawo shi a gefe.

Kaza 2 ta gidan gona sun isa, a yanka ƙanana, na yara a zare ƙashi. Tsohuwar kaza mai ƙwai ta fi ɗanɗano amma tauri gare ta, yara kuma a wannan shekarun wasu haƙoransu na gaba sun fara girgiɗa. Za su tsotsa su yar. Kifi ki bar shi saboda ƙaya. Tsire in za a kawo wa manya ne, kuma ko yaro zai ci a zare tsinken tukuna. Ki tuna yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa, wato gyaɗa. Saboda haka a saƙon gayyatar ki tambaya a fili: akwai abin da yaron ba ya ci, ko yana da asma ko sikila? Wanda gyaɗa ko ƙwai ko madara ke tayar wa ciwo, uwarsa ta sani, amma ba lallai ta faɗa ba sai an tambaya. Mai sikila kuma yana bukatar ruwa a kai a kai da hutu tsakanin wasanni, kada a bar shi ya yi ta gudu har ya galabaita. Mai asma a karɓi abin shaƙarsa a ajiye inda za a gani.

Abin haɗawa kaɗan ya isa: fanke 2 ga kowane yaro, soyayyar ayaba yanka 3, kankana da aka cire 'ya'yanta. Gyaɗa, gugguru da alawa mai tauri ba na taron da ake guje-guje ba ne, ballantana da ƙanne 'yan shekara 2 a wurin. Inabi in kin saya a tsaga shi ta tsawo. Alawa mai tsinke ta shiga ledar tsaraba a sha a gida, don yaron da ya faɗi da tsinke a baki yakan ji ciwo a dasashi ko ganɗa.

Shinkafar a gama ta wajen 3:30 zuwa 4:00, a zuba ta cikin kula tana da zafi, kada a buɗe sai lokacin ci. Dafaffiyar shinkafa da ta huce ta zauna a buɗe fiye da awa 2 a zafin Legas tana iya sa amai da gudawa ko da ba ta canza wari ba, kuma ɗumamawa ba ya gyara ta. Wannan ne ya sa dafawa da asuba don a huta ba dabara ba ce. Abin da za ki iya yi tun jajibiri shi ne markaɗe, soya kaza a sa a firji, da ƙulla tsaraba. Farar robar kumfa da ake zuba abinci a da, gwamnatin Legas ta hana ta tun 2024; ki yi amfani da faranti na gida ko na takarda.

Abin sha, ruwa ne kan gaba. Jaka ɗaya ta fiya wata leda 20 ce, ki sayi 2. Lemon kwali ƙarami ɗaya ga kowane yaro ya isa, a ba shi tare da abinci, ba da isowa ba, in ba haka ba ya cika ciki da zaƙi ya ƙi shinkafar. Zoɓo in za ki yi, a rage citta da kanumfari, a zuba rabin kofi, ki kuma san cewa duk farar rigar da ya taɓa ta tafi. Kunun aya ba ya jure zafi, in ba ki da tabbacin sanyi ki bar shi. A rubuta suna a jikin kofuna.

Kek mai faɗin inci 8 yana fitar da ƙananan yanka wajen 20. In mai man shanu ne a sama, ya zauna a ɗaki mai sanyi sai 5:40, domin a waje narkewa yake yi, yatsu kuma ba sa barin sa. Lokacin kunna kyandir, yara su tsaya a gaban teburin, ke da mai bikin ku tsaya a baya, a kula da hijabi da mayafi da hannun riga kusa da wuta. An hura, an yi hoto, sai a ɗauke kek ɗin a kai ciki a yanka a fito da shi a faranti. Yankawa a gabansu shi ke kawo "ni mai fulawar nake so".

Daga 5:55 zuwa tashi, a zauna a yi tatsuniya. In akwai kaka ko goggo mai bakin labari, wannan wurinta ne: ta ce "ga ta nan ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", ta kawo ta Gizo da Ƙoƙi gajera, tana sa su kwaikwayon kukan dabbobi. Amfaninsa biyu ne. Ba a gudu da cikakken ciki, sannan duk yaran suna wuri ɗaya a zaune lokacin da iyaye ke zuwa ɗauka, wanda shi ne lokacin da yaro ya fi saurin sulalewa waje.

Duk wannan ba ya tafiya sai da mutane, kuma yawan mata a gida ba shi ne mataimaka ba. Iyaye 8 na iya zaune suna hira yaro ya fice, kowace tana zaton wata na kallo. Mataimaki shi ne wanda aka ba aiki ɗaya da sunansa. Ga yara 12 zuwa 18 kina bukatar manya 4 ban da ke, wato kusan babba ɗaya ga yara 4.

Na farko mai ƙofa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Baban yaron ko kawunsa ya dace. Yana riƙe da takarda mai sunan kowane yaro, sunan wanda ya kawo shi, lambar waya, da wanda zai zo ɗauka. Ba ya barin ƙofar don ɗauko ƙanƙara ko tayar da janareto. A titin da babura da keke ke wucewa a guje, taku biyar ne tsakanin ƙofa da hatsari. In wani ya zo ya ce an aiko shi ɗaukar yaro kuma sunansa ba ya takardar, a kira uwar tukuna, ko da yaron ya san shi. Ta biyu mai wasa: wadda ke da murya da sakin fuska, in kin samu malamar nazare ko ta Islamiyyar ƙananan yara kin huta, domin ta san yadda ake tara hankalinsu da tafi uku. Ta uku mai banɗaki da lallashi. Mutane suna mantawa da wannan aikin, alhali ɗan shekara 5 in wasa ya yi daɗi yakan riƙe fitsari har ya kufce, wasu kuma ba su iya tsarki da kansu sosai ba. Mace ce za ta riƙe shi, da buta da sabulu da wanduna 2 ko 3 na canji, ta riƙa tambaya a tsakanin wasanni wa ke jin fitsari. Wanda ya jiƙe a canza masa a ɓoye ba tare da sanarwa ba. Ta huɗu mai abinci, daga zubawa har kwashewa. 'Yan mata 'yan 12 ko 13 suna da amfani wajen raba fensir da tsince shara, amma kada a ɗora musu ƙofa ko banɗaki.

Ke kuma kada ki ɗauki ko ɗaya daga cikin huɗun. Aikinki tarbar iyaye, duba agogo, ƙirga kawuna duk lokacin da aka canza daga wani abu zuwa wani, da kula da ɗanki. Mai bikin ne ya fi kowa yiwuwar fashewa da kuka: ya kwana yana ɗoki, an sa masa sabuwar shadda mai ƙaiƙayi, kowa na taɓa kayan wasansa, ana ta ce masa ya tsaya a yi hoto. Ki sa ya yi barcin rana ko ya kwanta ko na awa ɗaya, ya ci wani abu kafin baƙi su zo, a yi hotunan kwalliya tun 4:00 sannan a sa masa kaya marasa nauyi. Kayan wasan da ba ya son a taɓa, ku ɓoye su tare tun da safe. In kin ga ya fara ture yara ko ya koma gefe ya haɗe rai, ki shige da shi ɗaki minti 5 ya sha ruwa, ba faɗa. Kyaututtukan da aka kawo a karɓa a yi godiya a kai ɗaki, a buɗe bayan an watse. Buɗewa a gaban yara yana jawo rigima, yana kuma kunyata uwar da ta kawo ƙaramin abu.

Minti 15 kafin farawa ki tara mutum huɗun nan ki karanta musu jadawalin, ki nuna inda filasta, auduga, ruwan wanke ciwo da ƙanƙara suke. Ku tabbatar aƙalla mutum ɗaya ya san abin yi in abu ya shaƙe yaro: in yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi ta tari, in ba ya iya tari ko magana, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, sannan a tsaya bayansa a matsa cikinsa sama da cibiya ciki da sama sau 5, ana maimaitawa, wani kuma yana kiran 112 ko 767. Kada a cusa yatsa ana laluben abin da ba a gani. Haɓo kuma, a zaunar da yaro ya sunkuyo gaba a matse tattausan hancin minti 10, ba a ɗaga kai sama ba. Kada a ba ɗan wani magani, ko farasitamol ne, sai an kira uwarsa.

Tsarabar ta zama iri ɗaya sak ga kowa, har launin leda in zai yiwu: biskit, alawa ɗaya, fensir, ɗan littafin zane. A Idumota ko Balogun ana samun irin waɗannan a dozin, ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai a unguwa. Ki guji usur, in kina son iyayen su ci gaba da gaishe ki, da ƙananan abubuwa masu batir ɗin maɓalli ko duwatsun wasa da ƙanne za su iya haɗiyewa. Ledojin su zauna a wurin mai ƙofa, ba a fito da su ba sai an zo ɗaukar yaro: ya sa takalmi, a ba shi tasa a hannu, a soke sunansa a takarda. Yaron da ya ce ba zai tafi ba, da ya ga na gabansa ya fita da leda, da kansa zai nemo takalminsa.